Tsarin gyaran ƙasar gona na shekara ukku domin ƙaramar ƙungiyar manoma

Ƴan'uwa manoma, a ƙauyuka da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai ƙungiyoyi masu gonar tarayya. Mutane goma ko ashirin ke noma ta tare, su zuba abin da suka samu a rumbu guda. Sau da yawa gonar da ake ba ƙungiya ita ce wadda ta gaji. Hatsi ya kan tsaya gajere, ganye ya yi ɗorawa, ƙuduji ya rufe wuri. Idan damana biyu ta wuce ba a ga amfani ba, sai mutane su janye ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da ta gaji ba ta farfaɗowa a damana guda, kuma ƙaramar ƙungiya ba ta da takin da zai ishi gona duka a lokaci ɗaya. Shi ya sa muke kawo maku wannan tsari na shekara ukku, wanda ke raba aiki daidai da ƙarfin mutane.

Za mu ɗauki misalin ƙungiya mai mutum goma. Gonarta eka ukku ce ta jigawa. Eka ɗaya, kamar yadda muka sani, metir 100 ne a tsawo, metir 100 a faɗi. A saman gonar akwai rabin eka na fako, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta fitowa a kanta. Idan an yi ruwa, daga fakon nan yake gangarowa ya ratsa gona. Duk wanda gonarsa ta fi wannan girma ko ta kasa, sai ya daidaita lissafi.

Kafin a taɓa hauya

Abu na farko shi ne a tabbatar da gonar. Idan aro ce ko jingina, mai ita yana iya karɓe abinsa ranar da ya ga ta yi kyau, wahalar shekara ukku ta tafi a banza. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, akwai hanyar rubuta yarjejeniyar aron gona a gaban mai gari da kwamitin kula da filaye. A rubuta yawan shekarun aro, kuma kada su kasa shida. A rubuta cewa ƙungiya na da izinin jera duwatsu da renon itatuwa. Masu gona da yawa ba su son a reni icce a filinsu, don suna ganin hanyar mallake shi ce. Gara a warware wannan magana tun da fari.

Na biyu, bayan kaka sai ƴan ƙungiya duka su zagaya gonar da ƙafa. A duba inda ruwa ke bi, da inda iska ta kwashe rairayi har saiwar sabara ta fito fili, da inda hatsi ya yi kyau, da inda ya ƙi. Magatakarda ya zana gonar a littafi. Daga nan a raba eka ukkun kashi ukku, a kafa duwatsu a iyaka. Mu kira su kashin gabas, kashin tsakiya da kashin yamma. A gefen gonar a bar wani ɗan layi mai faɗin metir biyar wanda za a ci gaba da noma shi yadda aka saba, ba taki, ba kome. Wannan layi shi ne shaida. Da shi za a gane ko gyara ne ya kawo ƙari, ko kuwa damana ce kawai ta yi kyau.

A fara tsare ƙasa

Wanda ya zuba taki a gonar da ruwa ke wankewa, maƙwabcinsa na gangare ya yi wa aiki. Saboda haka aikin ranin farko shi ne tsayar da ruwa da iska.

Ruwa ana tsayar da shi ne daga sama, ba daga ƙasa ba. Inda akwai dutse, kamar ƙasar Adar, jerin duwatsu ya fi kome. Amma dole layin ya kwanta daidai, kada wani gefe ya fi wani tudu. Idan ya karkata, ruwa zai bi shi ya taru wuri guda, ya fasa, ya haƙa kwazazzabo inda babu shi a da. Ido ba ya iya gane wannan. Ana amfani da tiyo fari wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mai tsawon fiye da metir goma, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya, masu zane iri ɗaya. A cika tiyon da ruwa, a fitar da kumfar iska, a ɗaura bakunansa a jikin sandunan. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, na biyu ya yi gaba yana matsawa sama ko ƙasa, har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu. Wuraren nan biyu tsayinsu ɗaya ke nan. Na ukku ya kafa turke, a ci gaba har ƙarshen gona.

A bisa layin turakun a haƙa ɗan rami mai zurfin yatsa. A jera manyan duwatsu a ciki, a toshe tsakaninsu da ƙanana ta wajen da ruwa ke fitowa. Tsayin jerin ya kai santimetir 20 zuwa 30. Ba madatsar ruwa ake ginawa ba. Ana so ne ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu. A gona mai ɗan gangare, tazarar metir 30 tsakanin layi da layi ta isa. Idan gangaren ya yi yawa sai a matso da su. Ƙungiyarmu za ta fara da layi biyu: ɗaya a gindin fako, ɗaya kuma metir 30 ƙasa da shi. Sauran sai rani mai zuwa.

A kudancin Maraɗi da Damagaram dutse yana da wuya. A can ana dasa gamba a kan layin da aka auna. Ana raba gindin gamba a dasa shi kusa da kusa idan damana ta kankama. Shekarar farko ba ta tsare kome sosai, kuma sai an kiyaye ta daga bisashe. Daga shekara ta biyu ta kan yi kauri ta riƙe ƙasa, ga kuma zana da ake samu a sayar.

Iska kuwa, ɓarnarta ta fi yawa a bazara da farkon damana, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas ya binne shuka da rairayi. Maganinta na kusa shi ne kara. Idan an kwantar da karan hatsi a gona bayan girbi, yana tare ƙurar da iska ke kawowa, gara ta ci shi ta buɗe ƙasa, ƙasa kuma ta daɗe da laima. Mun san kara yana da masu so: bisashe na bukatarsa, mata na bukatarsa a murhu, ana darni da shi. Ba za mu ce a bar shi duka ba, don ba wanda zai bi. Shawararmu ita ce ƙungiya ta yanke tun kaka: a kwashe rabi, a kwantar da rabi, a tara shi musamman a wuraren da iska ta ƙwaƙule.

Maganin iska mai ɗorewa shi ne sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun wajen 1984. Lokacin sassabe, kada a share kowane tsiro. A kututturen sabara, ƙalgo, magariya ko gawo, a zaɓi rassa biyu ko ukku mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a ɗaura ƙyalle don kowa ya san an reni wannan. Itace 40 a eka ya isa mafari. Gawo shi ne sarkinsu, domin yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma kowa ya ga yadda hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa.

Taki: kashi ɗaya kowace shekara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa ɗan takin da ake da shi a gona duka, ko'ina ya samu kaɗan, ba inda ya ƙoshi. A wannan tsari, kashi ɗaya ne ke cin taki kowace shekara. Ƙarfin taki yana kai damana biyu zuwa ukku a ƙasa, saboda haka kafin ya ƙare, layi ya sake zagayowa.

Eka ɗaya tana bukatar kamar tan biyar na busasshen taki, wato kilo 5000. Amalanke ya bambanta, don haka a auna na garinku sau ɗaya: a cika buhu da taki a ɗora a sikeli, a ƙirga buhu nawa ke cika amalanke. Mu ce yana ɗaukar kilo 250. To, tafiya 20 ke nan. Mutum goma, kowa amalanke biyu. A rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. A lura kuma da abin da aka kawo ɗin, don takin da aka share daga tsakar gida wani lokaci rabinsa rairayi ne, ga leda da tsofaffin batura. Batir guba ne ga ƙasa, a tsince shi.

Idan taki bai kai haka ba, kada a watsa shi. A zuba shi a gindin shuka. Eka mai tazarar metir ɗaya tana da rami 10000. Idan kowane rami ya samu tafi biyu, kamar garam 300, tan ukku ya isa, wato amalanke 12. Aikin ya fi wahala, amma ba a asarar ko kaɗan.

Ɗanyen taki yana ƙona shuka, kuma yana zuwa da irin ciyawa. Ruɓaɓɓe ya fi. A haƙa rami a inuwa mai zurfin metir ɗaya. A shimfiɗa tattaka ko yankakken kara, a bi da kashin bisashe, a barbaɗa ƴar toka, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika. Bayan kwana kaɗan, idan an soka sanda aka zaro ta da ɗumi, aiki na tafiya. Idan ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan wari ya yi yawa kuma yana dalala, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara tattaka. Ana juyawa kowane sati biyu ko ukku. Cikin wata biyu zuwa ukku ya kan yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasa. Inda rijiya ke da zurfi kuma ruwan sha ma da ƙyar, ba ma ba da shawarar wannan da rani. Gara a cika ramin a ƙarshen damana, ruwan sama ya yi aikin.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta kakanninmu: a shirya da makiyaya su kwana da garke a gona da rani, a ba su hatsi da ruwa. Wannan ya fi na amalanke, domin fitsarin dabba ma taki ne, kuma nan yake shiga ƙasa. Sai dai a riƙa matsar da makwancin kowane ƴan kwanaki. In an bar su wuri guda, wurin zai yi taki fiye da kima, hatsi ya yi ganye, ya ƙone da an samu fari na sati biyu.

Mai aikin taki ya sa takalmi, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Ƙwayar ciwon dahi tana zaune a kashin dabbobi da ƙasa, kuma ta rauni take shiga jiki. Wanda ya ji ciwo a wurin aiki ya wanke shi, ya je likita.

Maganar farar ƙasa

Nan muke so a saurara da kyau, domin nan ne ake iya kashe kuɗi a banza. Yawancin jigawar ƙasarmu tana da tsami. Ba tsamin da harshe ke ji ba ne. Wani hali ne na ƙasa da ke hana saiwa tsawo, ya kuma ɗaure abincin shuka, musamman wanda ake kira fosfor, ko da yana nan a cikin ƙasa. Noma shekara da shekaru ba hutu, da kwashe kara duka, da zuba takin zamani na ure shi kaɗai, duk suna ƙara tsamin. Idan an tumɓuke hatsi aka ga saiwarsa gajera, mai kauri, ba ta da gashi, ko aka fasa gujiya aka tarar da kwanso ba ƙwaya, ana iya zargin tsami. Amma zargi ne kawai, don fari da tsutsar ƙasa ma suna kawo irin haka.

Ana auna tsami da wani ma'auni da ake rubutawa pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Duk yadda lamba ta yi ƙasa, tsami ya fi yawa. Hatsi yana jure tsami fiye da gujiya da wake. Idan lamba ta kai 5,5 ko fiye, a manta da farar ƙasa. Idan ta yi ƙasa da haka, musamman wajen 5 ko ƙasa da 5, to akwai magana. Don a auna, a ɗebo ƙasa daga wuri goma a cikin kashi ɗaya, daga sama zuwa zurfin santimetir 20, a gauraya a bokiti mai tsabta, a ɗebi rabin kilo, a rubuta sunan kashin a jikin ledar. Kada a ɗebo a gindin gawo, ko inda aka ƙona kara, ko makwancin shanu. Malamin gona zai nuna inda za a kai ta. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da ɗakin awon ƙasa a Yamai.

Farar ƙasar da ake nufi ita ce garin farin dutse, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, a niƙa shi ya yi laushi kamar gari. Ana gane shi da lemun tsami: idan an ɗiga a kansa sai ya yi kumfa. Wanda bai yi kumfa ba, ko da fari ne, ba zai rage tsami ba. Garin da ya yi tsakuwa-tsakuwa kuma zai shekara a ƙasa bai narke ba. Farar ƙasar da aka ƙona, wadda ake shafen gini da ita, ita ma tana aiki, amma tana da zafi. Tana cin hannu, tana lalata ido, kuma kashi ukku cikin huɗu na awon ya isa. Mai watsa ta ya rufe hanci da baki, ya juya wa iska baya. In ta shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Jigawa ba ta bukatar mai yawa. Kilo 500 a eka, wato buhu goma na kilo 50, ya isa mafari. Idan an wuce kima a rairayi, sai wata cuta ta fito: wasu ƙananan abincin shuka su ɗaure, sabon ganye ya yi fari-fari, kuma ba a iya kwashe abin da aka riga aka zuba. A fadama mai kanwa ko gishiri, inda ake ganin farin ɓawo a bisa ƙasa da rani, ba a zuba farar ƙasa ko kaɗan, don ƙara lalata ta za a yi.

Saboda wannan, shekarar farko gwaji kawai za a yi. A cikin kashin da za a shuka gujiya, a auna wuri mai metir 10 tsawo, metir 10 faɗi, a watsa kilo biyar. A yi haka a wuri biyu. Kusa da kowanne a auna wani wuri daidai da shi, a bar shi haka nan. Ana watsawa kamar wata ɗaya kafin shuka, a bi da hauya nan da nan a gauraya da ƙasa, in ba haka ba iskar bazara za ta kwashe. Kada a haɗa ta da ure ko ɗanyen taki rana ɗaya, domin ƙarfinsu zai fice cikin iska. Da kaka a cire gujiyar kowane wuri daban, a ɓare, a auna da tiya. Idan ƙarin da aka samu, bayan an ninka shi sau 100, zai biya kuɗin buhu goma da dakonsu cikin damana biyu, a saya. Idan ba zai biya ba, a sa kuɗin a taki. A ganinmu, ƙungiyoyi da yawa za su tarar taki da kara da toka sun ishe su, domin su ma suna rage tsami a hankali. Inda ake samun garin fosfat na Tawa, a sani cewa tsamin ƙasa ne ke narkar da shi, saboda haka ba a zuba shi tare da farar ƙasa a wuri ɗaya.

Juya shuka

Hatsi bayan hatsi bayan hatsi shi ke kiwon ƙuduji. Wake da gujiya kuwa suna da ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsu masu jawo abincin shuka daga iska. A tumɓuke gindi ɗaya lokacin fure, a fasa ƙullin da farce: idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Ƙudujin hatsi ba ya rayuwa a kan wake ko gujiya, don haka shekarar da suke wurin ba ya ƙara zuba iri. Amma shekara ɗaya ba ta ƙare shi, irinsa yana daɗewa a ƙasa. A ci gaba da tumɓuke shi kafin ya yi fure, a ƙone shi a wajen gona. Wake ma yana da nasa ƙudujin. Inda aka san yana nan, a nemi irin waken da ke jure shi, ko a fi ba gujiya wuri.

Ɗan waken da muke tsarmawa jefi-jefi a cikin hatsi yana da amfani, amma bai kai ya gyara ƙasa ba. Ana so kashi guda ya zama na wake da gujiya zalla, rabi da rabi. Kashi biyu na nan ga hatsi, rumbu ba zai zauna wofi ba. A sani dai, wake zalla yana jawo ƙwari lokacin fure, sai an riƙa dubawa. Harawa kuma, idan an sayar da ita duka a kasuwa, ƙarfin gona ne ya tafi. A ciyar da bisashen ƴan ƙungiya da ita, takin ya dawo gona.

Yadda shekarun za su bi juna

A shekara ta farko, kashin gabas zai ɗauki wake da gujiya, tare da wuraren gwajin farar ƙasa. Kashin tsakiya zai ci amalanke 20 na taki, a shuka hatsi. Kashin yamma ma hatsi ne, amma ba taki a gare shi bana. Shi za a taimaka wa da ɗan takin zamani a gindi: cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na 15-15-15, wato kamar garam shida, a kowane rami. Rami 10000 zai ci kilo 60, buhu ɗaya da kilo goma. A sa shi lokacin shuka bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, a raba shi da iri da ƴar ƙasa, don in ya taɓa iri a ƙasa mai ƙarancin laima zai ƙone shi. Aikin ranin wannan shekara shi ne layukan duwatsu biyu na sama, da sassaben zamani, da kwantar da kara.

A shekara ta biyu, wake da gujiya su koma tsakiya, inda sauran ƙarfin takin bara yake jiransu. Idan gwaji ya nuna riba, kuma awon wannan kashi ya nuna tsami, nan za a zuba buhu goma na farar ƙasa. Taki ya koma yamma. Gabas ya ɗauki hatsi a bayan wake, da ɗan takin zamani a gindi. A ƙara layukan duwatsu zuwa ƙasa, a gyara inda ruwa ya ture na bara.

A wannan rani ne za a taɓa fako da tassa, dabarar da manoman Illela da Badagishiri suka farfaɗo da filaye da yawa da ita. Ana haƙa rami mai faɗin santimetir 25 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta wajen gangare don ta tare ruwa. Tazara metir ɗaya, kuma ramukan layi na biyu su faɗa tsakanin na layin farko. A zuba tafi biyu na taki a kowane rami tun da rani, gara ta shiga ta huda ƙasa, a shuka hatsi ko dawa bayan ruwa mai kyau. Rabin eka rami 5000 ne. Aiki ne mai karya baya, shi ya sa muka raba shi rani biyu: kowane mutum rami 250 a shekara. Rami 2500 zai ci kilo 750 na taki, amalanke ukku. Ke nan takin shekara ta biyu da ta ukku amalanke 23 ne, ba 20 ba. Ba a yin tassa a jigawa, rairayi zai cike ta tun ruwan farko.

A shekara ta ukku, wake da gujiya su je yamma, da farar ƙasa idan ana bukata. Taki ya je gabas. Tsakiya ya ɗauki hatsi a bayan wake. A ƙarasa tassa, a yi wa itatuwan da aka rena aski, itacen ya shiga murhu a madadin kara. A shekara ta huɗu layi ya dawo kan gabas, kuma sai lokacin zai samu tasa farar ƙasar, tun da gwaji kawai ya gani a farko.

Kowace kaka a ƙirga damman kowane kashi daban, har da layin shaida. A sussuke dami ukku daga kowanne a auna da tiya, domin dami yana ruɗi: wani babba ne amma zangarniyarsa ba ido. Layin shaida mai faɗin metir 5 da tsawon metir 100 kashi ɗaya ne cikin ashirin na eka, don haka a ninka abin da ya bayar sau 20 kafin a kwatanta. A duba kuma bayan duwatsu, a soka sanda a ga yatsa nawa na sabuwar ƙasa ta taru. A ƙarshen shekara ta ukku a sake ɗebo ƙasa daga kashi ukkun kamar yadda aka yi da fari, a kai awo, a rubuta sabuwar lamba kusa da tsohuwa kafin a yanke ko za a sake sayen farar ƙasa.